Layi Huɗu na Gasar Kawu

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana da shago a bakin kwalta cikin Tasawa, inda yake sayar da kayan hasken rana: panno, wato faifan da ke kama hasken, batir, ampul na fitila, fanka da wayoyin haɗa su. Ni kuwa malamar lekol ce. A shekarar da wannan abu ya faru an buɗe wasu shaguna biyu irin nasa a layin, ciniki ya ja baya, sai wani ya ba shi shawarar ya buɗe wa shagon shafi a intanet. Ya buɗe, ya miƙo mini ragamarsa, don a danginmu duk abin da ya shafi rubutu ni ake kira. Nakan ɗauki hoton kaya, in rubuta bayani, in sa. Ba biyana yake ba, ban kuma taɓa nema ba. Kawu ne ya saya mini kayan lekol shekara da shekaru bayan rasuwar mahaifinmu.

Wata ranar Alhamis da yamma na biya shagon daga wurin aiki, na tarar ya jera kaya a kan tabarma a ƙofa: panno babba, batir, fanka, ampul uku. Ya ce in ɗauki hoto mai kyau, gasa zai sa. Mutane su bi shafin, su kirawo abokansu, shi kuma ya ba da kyauta. Na ji daɗin shawarar ƙwarai. Na ce ya ba ni zuwa gobe in tsara.

Da na koma gida na ɗauki kaye, wato littafin rubutu, da bik na zauna kamar mai shirya jarrabawa. Aikina ya koya mini cewa tambayar da ba ta fita sarai ba, yara talatin za su ba ta amsa talatin, kuma laifin ba nasu ba ne. Sai na jera abin da duk mai shiga zai so ya sani. Wa ke da damar shiga, ƴan Tasawa kaɗai ko har da na nesa? Me mutum zai yi daidai kafin a ce ya shiga? Wace rana za a rufe, ƙarfe nawa? Ta yaya za a fitar da wanda ya ci, ƙuri'a ko yawan mutanen da ya kawo? Mece ce kyautar? A ina za a sanar, kwana nawa wanda ya ci yake da su ya zo ya karɓa? Wuraren da ban san amsarsu ba na bar su fili don Kawu ya cike.

Washegari na kai masa. Ya riƙe kayen nesa da idonsa, ya karanta rabi, ya mayar mini.

"Ke ɗiyata, wanga ai takardar kotu ce. Wa zai tsaya karanta wanga duka? Mutum na gani zai wuce."

Na ce to a gajarta, amma a bar rana da yadda za a zaɓa. Na tambaye shi, ƙuri'a ce ko yawan kawo mutane?

"Ƙuri'a mana."

"To mu rubuta ƙuri'a."

"A'a. In kika ce ƙuri'a, kowa zai kira mutum ɗaya ya koma ya kwanta. Bar su kowa ya yi ta ƙoƙari."

"Kyautar fa, Kawu? Duk abin da ke kan tabarmar?"

Ya yi dariya. "Duka? Kina so in rufe shagon? Pannon dai. Sauran don hoto ya yi kyau ne."

A nan ya kamata in rufe kayena in yi masa sallama. Na san abin da yake faɗa ba daidai ba ne, na san shi a lokacin, ba daga baya na gane ba. Amma kawuna ne, ga mutane biyu zaune a benci suna saurare, ni kuma ban saba musa masa a gaban jama'a ba. Na ce a raina ƙaramin abu ne, wasa ne na intanet. Ya faɗa, na rubuta, na gyara masa kalmomin har suka yi daɗin ji. Ga abin da na sa a ƙarƙashin hoton, har yau ina iya karanto shi da ka:

Babbar kyauta daga shagonmu!
Ka bi shafinmu, ka ambaci abokanka a ƙasan wannan hoto.
Yawan abokanka, yawan rabonka! Za a rufe ranar kasuwa.
Allah ya ba mai rabo sa'a.

Layi na uku ni na ƙirƙiro shi. Kawu ya ce ya yi, har ya tafa.

Kafin kwana biyu shafin ya cika. Tambayoyi kuma suka fara zuwa, su ne dai waɗanda na rubuta a kayena. Wani ya ce, ƙuri'a za a yi ko wanda ya fi yawa? Wata ta ce, mu ƴan Mayahi muna ciki? Wani ya ce, har da batir ɗin? Na kira Kawu na karanta masa. Ya ce kada in amsa kowa ɗaya bayan ɗaya, in rubuta kawai, "Ku dai ci gaba, lokaci na tafiya." Na rubuta.

Cikin masu shiga akwai mutum guda da ya fita daban. Hotonsa na shafi yana zaune kan moto, da hular sanyi, mutum ne da ya manyanta, ba saurayi ba. Ya rubuta cewa shi ɗan kabu-kabu ne a Gidan Amumune. Kullum sai ya dawo da sababbin sunaye, kuma mutanen da yake ambata suna zuwa da gaske su bi shafin, su rubuta cewa ta hannunsa suka zo. Wasu daga Gidan Amumune, wasu daga Attantané, wasu daga ƙauyukan da ban taɓa jin sunansu ba. Ba wanda ya kama ƙafarsa. Wata rana ya rubuta, "Madam ko Alhaji, ina fatan kuna ƙirgawa." Na ga saƙon ina cikin aji lokacin hutun rabin safiya. Na rufe shafin na mayar da salular jaka.

Ranar kasuwar Tasawa ta zo. Ina gida ina wanki Kawu ya kira ni bayan la'asar ya ce an yi ƙuri'a, in sanar. Na ce yaushe, a gaban wa? Ya ce a cikin shago, ya rubuta sunaye a takardu ya zuba a kwali ya ɗauki ɗaya. Na ce wanda ya kawo mutane da yawa takarda nawa aka sa masa? Ya ce kowa ɗaya, mi ne ne kuma na wahala. Sannan ya faɗi wanda ya ci: ƙanen matarsa.

Har yau ban sani ba ko hannunsa ne ya faɗa kan takardar da gaskiya. Yana iya yiwuwa. Amma babu wanda ya gani, ba mu kuma rubuta cewa dangin mai shago ba sa shiga ba, don haka ba ni da abin da zan kare shi da shi, ba ni da abin da zan kama shi da shi. Na ce ba zan sanar da wannan ba. Ya ce to, ba komai, a bari a huta. Ƙanen matar ya zo ya ɗauki pannon a ranar. Shafin kuwa shiru, mutane na ta ci gaba da ambaton abokai a gasar da aka riga aka gama.

Kwana biyu bayan haka, da rana tsaka, na taso daga lekol na tsaya a shagon don in ce masa lalle a faɗa wa mutane an rufe. Ina tsaye sai ga moto ya tsaya a ƙofa. Na gane shi tun kafin ya cire rawanin da ya rufe fuska. A bayan moton ya ɗaure tsohuwar katifa ƴar ƙarama da igiyar roba. Ya yi sallama, ya gaida Kawu hannu biyu, ya gaishe ni, ya ce shi ne na Gidan Amumune. Ya ce kasuwarsu ta ci, gasa ta rufe, ya duba ya ga ba wanda ya kai shi, shi ne ya ce bari ya taho da kansa kada ya ɗora wa Alhaji wahalar aikawa. Katifar don kada gilashin pannon ya fashe a hanya ce.

Kawu ya ce ya zauna ya sha ruwa. Ya zauna, ya sha. Sannan Kawu ya ce, "Malam, ai an yi ƙuri'a tun shekaranjiya. Wani ya ci."

Mutumin ya ajiye kofin a hankali.

"Wace ƙuri'a, Alhaji?"

"Ƙuri'ar gasa."

"Ba a ce ƙuri'a ba. An ce yawan abokanka, yawan rabonka."

"An ce Allah ya ba mai rabo sa'a. Wa ke cewa haka in ba ƙuri'a ba?"

"Kuma shekaranjiya? An ce ranar kasuwa."

"Kasuwar Tasawa. Shagon a Tasawa yake ko a garinku?"

Mutumin ya fara bayani, muryarsa ƙasa ƙasa. Ya ce kwana da kwanaki yana wannan aiki. Duk fasinjan da ya ɗauka mai babbar salula sai ya roƙe shi. Inda babu rezo, salula ba ta kamawa, sai ya kai mutum kan tudu ya tsaya ya jira shi ya shiga shafin. Ya je Attantané ranar da ba shi da fasinja, da esansinsa, man da ya saya da kuɗinsa, don yana da abokai can. Ya ce gwiwarsa ta fara ba shi matsala, shekarunsa a kan moto sun yi yawa, niyyarsa ya kafa rumfar cajin salula kusa da tasha ya zauna. Ya yi wa mutane alkawari, duk wanda ya taimake shi zai yi caji kyauta wata guda.

Kawu ya ce, "To wa ya aike ka ka yi alkawari da abin da ba ka riƙe ba?"

Sai ya ɗauki salularsa, ya juya mana baya kamar mai amsa kira. Shi ma yana da damar shiga shafin, ko da yake bai cika taɓawa ba. Jim kaɗan ya juyo ya miƙa wa mutumin.

"Duba da kyau. Ga shi nan a rubuce."

Na leƙa. A ƙarƙashin layukana huɗu an ƙara na biyar: ta hanyar ƙuri'a, ƴan cikin Tasawa kawai. Da kuskuren rubutu biyu a ciki.

Mutumin ya ciro tasa salular mai fasasshen gilashi, ya buɗe hoton da ya ɗauka na sanarwar tun ranar farko, don da shi yake nuna wa fasinjoji. Layi huɗu ne. Ya ɗora ta kan kantar shagon kusa da ta Kawu. Mutane sun fara taruwa a ƙofa, masu shagunan kusa da ƴan kabu-kabun layin.

Kawu ya dubi salulolin biyu, ya dubi jama'a, sannan ya nuna ni.

"Ni ban iya waɗannan abubuwa ba. Ga Madam nan, ita ta rubuta. Ita ce ta yi lekol."

Ban taɓa jin fushi irin na wannan rana ba. Kayen da na rubuta ƙa'idodin yana cikin jakata a kafaɗata. Ina iya ciro shi in karanta wa kowa, in ce ga abin da na kawo aka ƙi. Bakina ya buɗe, amma abin da ya fito shi ne, "Kawu, ka ji tsoron Allah." Ya ce in yi masa shiru, ba a gabansa zan yi rashin kunya ba. Mutumin ya dube ni, ya ce, "Madam, na tambaye ki ko kuna ƙirgawa. Kin gani?" Na ce na gani. Ya gyaɗa kai, ya ɗauki salularsa, ya hau moto da katifarsa ya tafi.

Kafin magariba zancen ya zaga. An sa hotunan biyu gefe da gefe a ƙasan sanarwar, ta farko da wadda aka gyara. Wani ya nuna wa mutane inda ake dannawa a ga cewa an sake rubutu da lokacin da aka sake. Wani ya gano wanda ya ci da dangantakarsa da Kawu. Saƙonnin murya suka yi ta yawo a gurup na ƴan kabu-kabu daga Mayahi har Tasawa. A ɗaya daga ciki, wanda wata abokiyar aikina ta kunna mini a ofishin darakta, ana cewa wata malamar lekol ce ke tsara musu damfarar. Washegari mahaifin wata ɗalibata ya tsayar da ni a ƙofar lekol ya ce, cikin ladabi, yana so ya ji daga bakina. Na tsaya ina kare kaina a gaban yaran da nake hora a kan satar amsa.

Na je wurin mahaifiyata ina kuka don haushi. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Ki yi haƙuri, ƙanena ne, ubanki ne. Kada ki tona mai asiri." Na ce, Inna, shi fa ya nuna ni da yatsa a bakin titi. Ta ce ta sani, amma babba ba ya ba ƙarami haƙuri a kasuwa. Na tashi na fita ban ci abincin da ta zuba mini ba. Fushina kashi biyu ne, kuma na biyun ya fi ci na: Kawu ya faɗi abin da yake so, amma hannuna ne ya mayar da shi magana mai daɗi da za ta ja mutum daga Gidan Amumune.

Mai kabu-kabun bai je jandarma ba. Shugaban ƙungiyarsu ne ya kira shugaban ƴan kasuwar layinmu, wani dattijo mai sayar da siminti da kwano, aka sa rana. Muka zauna a rumfar dattijon da hantsi: Kawu, ni, mutumin da wani abokin sana'arsa da ya rako shi. Kawu ya fara da cewa mutane ne ba sa karatu da kyau. Dattijon ya ce to, a gwada. Ya aika aka kira mutum uku da ba su san zancen ba, wani tela, wata mai sayar da fura, da wani tsohon direban tasha. Ya sa aka shigo da su ɗaya bayan ɗaya, ya nuna wa kowa hoton, ya sa ni in karanta layukan huɗu da bakina.

Telan ya ce wanda ya fi kawo mutane shi ya ci, ai a fili yake. Direban ya ce tombola ce, wato ƙuri'a, amma mai mutane da yawa takardunsa sun fi yawa a kwali. Mai furar ta ce ita ta ji kamar duk wanda ya kawo mutane zai samu wani abu, mai yawa babba, mai kaɗan ƙarami. Da aka tambaye su mece ce kyautar, su ukun suka ce duk abin da ke kan tabarma. Da aka zo kan ranar rufewa, direban ya ce, "Kasuwar ina? Ni kowace rana ta mako ina da kasuwar da nake kai mutane."

Dattijon ya juya wurin Kawu. "Alhaji, mutum uku, magana uku, kuma ba wanda ya faɗi abin da ka yi. Kai ka ce takarda ɗaya ga kowa, panno kaɗai. Wa ya ji haka cikinsu?"

Kawu ya ce ai ba da mugun nufi ba ne, talla ce.

A nan na ciro kayen. Na ce, Baba, ina neman izini. Na karanta abin da na fara rubutawa, na faɗi yadda aka yi aka cire, na faɗi cewa layi na uku nawa ne, na faɗi cewa na ga tambayoyin mutane na ƙi amsawa. Na faɗi duka har ƙarshe. Kawu bai dube ni ba ko sau ɗaya.

Dattijon ya ce ba za a karɓe panno daga wanda aka riga aka ba ba, rigima ce sabuwa. Ya ce Kawu ya ba mutumin wani abu na rage zafi. Kawu ya aika aka kawo fitilar hannu mai ɗan panno a bayanta, irin wadda ake ba yara su yi karatu. Mutumin ya dube ta, bai taɓa ba.

"Baba, ban zo roƙo ba. Ni abin da ya dame ni, mutanen garinmu na cewa na san ƙarya ce na ja su, wai an biya ni in tara wa shago mutane. A rubuta a shafin nan, inda suka gani, cewa ban yi musu ƙarya ba. Shi ke nan."

Kawu ya ce shi ba zai rubuta abin da zai kashe masa shago ba. Dattijon ya ce shagon ai ya riga ya kama ciwo, magani ake nema. Aka yi ta ja har azahar ta gabato. A ƙarshe aka tsaya kan abu biyu: a rubuta gaskiyar abin da ya faru, kuma a sake gasa da duk kayan da ke cikin hoton, da ƙa'idodi a fili. Na ce zan rubuta da sharaɗi ɗaya, ba wanda zai taɓa mini ko harafi bayan dattijon ya ji ya yarda.

Bayanin na yi shi gajere. Na ce sanarwarmu ta farko ba ta faɗi yadda za a zaɓa ba, ba ta faɗi rana ba, hoton ya nuna abin da ya fi kyautar, an kuma sake rubutun bayan an gama, duk wannan laifin shago ne. Na ce mutumin Gidan Amumune ya fahimci abin da kowa zai iya fahimta, ba a biya shi komai ba, bai yaudari kowa ba.

Ƙa'idodin sabuwar gasar kuwa na ba su lokaci. Na rubuta cewa duk wanda ya kai shekara goma sha takwas a yankin Tasawa da Mayahi yana iya shiga, ban da mai shago, iyalinsa, surukansa da masu yi masa aiki. Shiga ita ce ka bi shafin ka rubuta sunan garinku a ƙasan hoton, sau ɗaya. Ba sai ka sayi komai ba, kuma ambaton abokai ba ya ƙara maka komai, kowa takarda ɗaya. Na sa ranar rufewa da sunanta da kwanan wata da ƙarfe shida na yamma. Na lissafa kyautar ɗaya bayan ɗaya har da girman pannon da na batir, na ce haɗawa da ɗauka zuwa gida na wanda ya ci ne. Ƙuri'a washegari bayan la'asar a ƙofar shago, a gaban duk wanda ya zo, ana ɗauka a bidiyo, kuma ba mai shago zai sa hannu a kwali ba. Za a sanar a shafin nan kaɗai, ba wanda zai kira ka ya ce ka turo kuɗi kafin a ba ka. Wanda ya ci yana da mako guda ya zo da katinsa na ɗan ƙasa, in bai zo ba a sake jawo wani a gaban jama'a. Na rufe da cewa ba za a sake ko kalma ɗaya a wannan rubutu ba har a gama. Kafin in sa, na karanta wa telan da mai furar, kowa daban, suka maimaita mini abu ɗaya. Na kuma yi shi da murya don waɗanda karatu ke ba wuya.

Kawu ya ce ba wanda zai shiga. Gaskiya ba su kai na farko yawa ba. Amma duk tambayar da aka yi, amsarta na cikin rubutun, nakan ce a duba layi kaza. Ranar ƙuri'a dattijon ne ya sa hannu a kwali, wani magini daga Mayahi ya ci, ya zo bayan kwana uku ya kwashe kayansa. Da aka ɗora batir ɗin a mota Kawu ya shige cikin shago. A yammacin na cire kaina daga shafin, na aika masa da saƙo cewa ya nemi wani. Mai kabu-kabun bai shiga gasar ba, ko da yake na aika masa da ita.

Bayan damina aka yi wa wata abokiyar aikina rasuwa a wani ƙauye gaba da Gidan Amumune, na tafi gaisuwa. Mota ta sauke ni a tasha, sauran hanyar sai moto. Ƴan kabu-kabun na zaune a inuwa, na ce ina son wanda zai kai ni. Ɗaya ya juya ya ɗaga murya, "Mai Panno, layinka ne!" Sauran suka yi dariya. Ya taso yana ɗan ɗingishi. Ya gane ni, na gane shi. Muka gaisa kamar yadda ake gaisawa, ya tada moto na hau.

Muka yi nisa cikin gonakin da aka girbe. Na ce, Malam, sunan nan da suka kira ka da shi fa? Ya ce tun lokacin ne, ya bi shi, har yara na faɗa. Na ce ba su ga abin da muka rubuta ba? Ya ce waɗanda suka gani sun gani. Na ce ina neman gafararsa. Ya ce ya yafe tun a rumfar dattijo, in riƙe da kyau akwai rairayi a gaba.

Ya sauke ni a ƙofar gidan rasuwar, ya karɓi kuɗinsa daidai yadda ake biya, ya tambaya ko ya dawo ya ɗauke ni. Na ce e, bayan la'asar. Da lokacin ya yi, wani ne daban ya zo, ya ce shi aka turo, gwiwar ta tashi ya koma gida. Duk hanyar komawa Tasawa ina cikin mota ina jin dariyar nan ta tasha, raina na tafasa. Motar ta bi ta gaban shagon Kawu, yana zaune a ƙofa yana shan shayi da mutane. Ya ɗaga mini hannu, na kau da kai.